Bidiyo ya fara da gudu, ya tsaya cak a kallo 310: me ya faru a awa biyun farko?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sani ku warware min wani abu. Ranar Talata da misalin takwas na dare na ɗora bidiyon yadda nake dambun shinkafa a TikTok. Kafin tara ya kai kallo 280, na ce to ga alheri nan tafe. Goma ta yi yana 305. Har yau yana 310, ko gezau. Amma na alkaki da na ɗora makon jiya, kicin ɗaya, waya ɗaya, kusan lokaci ɗaya, kafin in kwanta ya wuce 4,000, gari ya waye yana 20,000, yanzu ya tsaya a 46,000. Mabiyana 2,100 ne. In dambun bai yi kyau ba, me ya sa ya fara da gudu? Kuma ina mabiyan nawa, da ko kwatansu bai gani ba?

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam Aunty. Wannan ai sananne ne, shado ban ne, wato an hana shi yaɗuwa a ɓoye. Kowane bidiyo mutum 200 ake fara nuna wa, in ya ci a kai shi 1,000, daga nan 10,000, daga nan 100,000. Naki an rufe shi a matakin farko. Ki goge ki sake ɗorawa bayan isha'i, ki ƙara hashtag.

Injiniya Bashir: Maman Iman, kar ki goge tukuna. Ɗan Maraɗi, rabin maganarka daidai ne, amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba.

Abu na farko da ya kamata mu gane: kallo 280 da aka samu cikin awa ɗaya ba mutum 280 ba ne suka nemi bidiyonki. Mutum 280 ne manhaja ta ajiye musu shi a gaba suna cikin jan allo. A TikTok da bidiyo ya fara motsi an lissafa kallo ɗaya, ko da mutumin ya wuce bayan sakan guda. Saboda haka gudun farkon nan ba yabo ba ne, kusan kowane sabon bidiyo yana samun irinsa. Dalili kuwa, sabon bidiyo ba shi da tarihi. Manhaja ba ta san ko zai riƙe mutane ba, kuma hanya ɗaya ce za ta sani: ta nuna wa 'yan kaɗan ta ga abin da za su yi. Kamar mai kilishi ne da ya yi sabon haɗi, ya yago kaɗan ya miƙa wa na kusa da teburinsa, yana duban wa zai ce a ƙaro, wa zai wuce bai waiwayo ba.

In 'yan kaɗan ɗin nan suka tsaya suka kalla, wasu suka maimaita, wasu suka tura wa 'yan uwansu, sai a faɗaɗa zuwa wasu da suka fi su yawa, a sake dubawa. In akasarinsu suka wuce nan take, sai a daina rabawa, a ba wani bidiyon gurbin. Shi ya sa kika ga layin ya hau sannan ya kwanta. Ba mutane ba ne suka gaji da ke a ƙarfe goma. Gwajin ne ya ƙare.

Ɗan Maraɗi: To Injiniya ai abin da na faɗa kenan.

Injiniya Bashir: Matakan ka faɗa daidai, lambobin ne ba na kamfani ba. Wannan 200, 1,000, 10,000 masu koyarwa ne suka tsara shi daga abin da suke gani a shafukansu. Abin da kamfanonin suka faɗa da bakinsu shi ne siffar abin. A 2020 TikTok ta yi bayanin yadda For You, wato shafin da ke jero wa kowa bidiyoyin da manhaja ta zaɓo masa, ke zaɓen bidiyo, a lokacin ne aka bayyana cewa ana fara nuna sabon bidiyo ga ƙaramin rukuni, mabiya ne ko ba mabiya ba. A 2023 Todd Sherman, wanda ke kula da Shorts, wato gajerun bidiyo, a YouTube a lokacin, ya yi magana kan rukunin farko da ake nemo wa bidiyo, ya ce shi ya sa ake ganin kallo ya taso sannan ya tsaya. A watan Afrilun 2024 Instagram ta rubuta cewa za ta riƙa nuna kowane bidiyon da ya cancanta ga 'yan kaɗan da take ganin zai burge su, waɗanda suka fi kyau a kai su ga jama'ar da ta ɗan fi yawa, mafi kyawun cikinsu kuma a ƙara gaba. Ba su ce 200 ba.

Sannan shado ban wani abu ne daban. In an hana bidiyo shiga For You saboda ya saɓa wata doka ko an ga ba naka ba ne, yawanci za ka ga sanarwa a cikin bayanan bidiyon, kuma kason For You zai dawo kusan sifili. Wanda aka nuna wa baƙi ɗari biyu da wani abu ba a hana shi ba. An gwada shi ne.

Maman Iman, buɗe Analytics, wato shafin alƙaluma, na kowannensu ki kawo mana: tsawon bidiyon, Average watch time wato matsakaicin lokacin da ake kallo, Watched full video wato kason waɗanda suka kai ƙarshe, da inda kallon ya fito.

Hajiya Rabi Atamfa: Ni dai tambayata, in kallo ya kai nawa ake fara biyan mutum? Yarana sun ce sai na kai dubu goma.

Ɗan Maraɗi: Hajiya wannan maganar kuɗi ce, daban take. Bari a gama da na Aunty sai mu dawo kanki.

Maman Iman: Ga su nan.

Dambu: sakan 42. Average watch time 6.0s. Watched full video 4%. For You 71%, sauran daga shafina da waɗanda na tura wa. Zuciya 41.

Alkaki: sakan 28. Average watch time 17s. Watched full video 33%. For You 94%. Zuciya wajen 2,900.

Kuma ku duba, a dambun kusan mutum 13 cikin ɗari sun danna zuciya, a alkaki ko 7 ba su cika ba. Ashe dambun aka fi so?

Injiniya Bashir: Madalla, yanzu muna da abin kamawa. For You 71% ya kore maganar hani, baƙi sama da ɗari biyu sun gan shi.

Ki dubi dambun. Sakan 6 cikin 42 kashi ɗaya bisa bakwai kenan. Kuma 4% na 310 mutum goma sha biyu ne kacal suka kai ƙarshe. Alkaki kuwa sakan 17 cikin 28, wajen kashi 60 cikin ɗari na tsawonsa, kuma mutum ɗaya cikin uku ya ga ƙarshensa, duk da cewa yawancinsu ba su taɓa jin sunanki ba. A bayanin TikTok na 2020 sun ce kallon bidiyo mai ɗan tsawo tun daga farko har ƙarshe alama ce mai nauyi, ta fi irin su kasancewar mai kallo da mai ɗorawa a ƙasa ɗaya. Sun kuma ce yawan mabiya da nasarar bidiyon baya ba sa cikin abin da ake lissafawa kai tsaye. Wannan ne amsar tambayarki ta biyu. Mabiya 2,100 ba alkawari ba ne cewa za a kai musu, kuma 46,000 na alkaki bai saya wa dambu tikiti ba.

Zuciya 41 ɗin nan kuma, su wa kike jin sun danna?

Maman Iman: Gaskiya yawanci na san su. Na tura a zauren gidanmu da na 'yan makarantarmu.

Injiniya Bashir: To kin gani. Wanda ya san ki yana danna zuciya don zumunci a sakan na biyu, ya fita. Baƙo ba ya jin nauyinki, babban yatsansa ne ke magana. Akwai wani zanen layi a ƙasa mai nuna inda mutane suke fita. A wane sakan ya faɗi? Kuma me ke kan allo a lokacin?

Maman Iman: Ya faɗi tun 0:02, kafin 0:04 saura ƙasa da kwata. A lokacin fuskata ce kawai, ina cewa assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka, da fatan kuna lafiya, yau in sha Allahu za mu koyi... Ban nuna shinkafar ba sai wajen sakan na tara. Na alkaki kuwa ɗiyata ce ta ɗauka, ta fara daidai lokacin da nake tsoma shi cikin ruwan sukari yana ƙyalli.

Injiniya Bashir: Kenan mutum uku cikin huɗu ba su ma san bidiyon dambu ba ne. Ba girkinki suka ƙi ba, ba su kai gare shi ba.

Malam Nura: Injiniya, a nan zan ja da kai kaɗan. In na fahimce ka, kana nufin mu jefar da sallama saboda kallo? Ni karatun malamai nake yankawa ina ɗorawa a YouTube, kuma ba zan iya fara bidiyo a tsakiyar jimla kamar wanda ya faɗo ɗaki ba. Akwai abin da ya fi lamba.

Injiniya Bashir: Allah ya gafarta Malam, ban ce a jefar ba. Ido da kunne ƙofa biyu ne. Tana iya yin sallamarta da baki alhali allo yana nuna dambun yana tururi ana zuba masa mai, da rubutu a sama mai cewa ga sirrin da ke hana shi caɓewa. Sallama ba ta wuce sakan biyu. Abin da ke cin sakan tara shi ne barkanmu da warhaka, da fatan kuna lafiya, kar ku manta ku bi shafina. Wannan gaisuwar gida ce, ga wanda ya riga ya zauna. Rukunin gwaji kuwa yawanci masu wucewa ne.

Malam Nura: Ga mai girki wannan zai yi. Ni ba ni da tururi da zan nuna, malami ne zaune kan buzu. Na taɓa sa tambayar da aka yi masa a rubuce a saman allo tun daga farko, kuma lallai a YouTube Studio kason waɗanda suka tsaya ba su wuce ba ya ƙaru. Amma in aka ce kullum sai an nemo jimla mafi zafi an sa a gaba, nan ne ake yanke maganar malami a raba ta da abin da ya gabace ta, a haddasa fitina. Na gwammace kallo 500 da wannan.

Zee Kwalliya: Malam ya yi gaskiya a nan. Ni ma akwai abin da ba zan yi ba ko da zai kai miliyan.

Amma Injiniya ni ban gamsu gaba ɗaya ba. Ina da bidiyon lalle guda biyu, wallahi kusan abu ɗaya ne, hannu ɗaya, farko iri ɗaya, tsawo ɗaya. Ɗaya ya tsaya a 400, ɗaya ya kai 30,000. Watched full video na wanda ya mutu 27%, na wanda ya tashi 31%. Wannan ɗan bambancin ne zai kawo haka?

Injiniya Bashir: Tambaya mai kyau, kuma a nan ne raunin ƙaramin gwaji yake. Mutum ɗari uku ba su da yawa. A ce bidiyonki a haƙiƙa irin wanda mutum 30 cikin ɗari ke kallo har ƙarshe ne. In aka ɗebo mutum 300, ana sa ran 90. Amma lissafi ya nuna ba abin mamaki ba ne a samu 75, ko a samu 105, ba tare da an canza komai a bidiyon ba, sai dai su wa aka ɗebo a daren. Wato yau 25%, gobe 35%. Naki 27 da 31 duk suna cikin wannan tazarar.

A wajen turawa abin ya fi muni. In mutum ɗaya cikin ɗari ne ke tura irin bidiyonki, cikin 300 mutum uku kenan. Wani daren a samu shida, kuma kusan sau ɗaya cikin ashirin ba za a samu ko ɗaya ba. Adam Mosseri, shugaban Instagram, ya ce a farkon 2025 abu uku ne suka fi nauyi a wurinsu: tsawon kallo, danna zuciya, da turawa, kuma turawa ta ɗan fi tasiri wajen isa ga waɗanda ba mabiya ba. To kin ga mata biyu masu shirin biki da suka tura wa ƙawayensu lallenki a awar farko suna iya zama bambancin 400 da 30,000.

Ga kuma gasa. Ba jarrabawa ba ce mai makin ci tsayayye. Gurbin da ke gaban mai kallo ɗaya ne, kuma a daren akwai wasu bidiyoyin lalle da ke neman sa.

Saboda haka na Maman Iman da naki ba ciwo ɗaya ba ne. 4% da 33% tazara ce da sa'a ba za ta iya bayyanawa ba, gyara ake yi. 27 da 31 kuwa bidiyo ɗaya ba zai gaya miki komai ba. Sai kin jera goma ko sha biyar kin ga wane irin farko ne ya fi yawan tsallakewa.

Ɗan Maraɗi: To ai ka dawo kan maganata. In sa'a ce, a goge a sake ɗorawa, a sake jefa ƙuri'a. Ni na yi, wanda ya mutu a 250 ya dawo ya yi 18,000.

Injiniya Bashir: Na yarda ya faru, kuma lissafin da na kawo ma ya nuna zai iya faruwa. Amma ka ƙirga waɗanda ka sake ɗorawa suka sake mutuwa? Sannan shi Sherman ɗin ya yi gargaɗin cewa yawan gogewa da sake ɗorawa na iya sa a ɗauke ka mai cika wuri da shara. In za a sake, a sake da sabon yanka: wani farkon daban, a rage tsawo. A Instagram ma sun fito da Trial reels a ƙarshen 2024, inda kake ɗora bidiyo a nuna wa waɗanda ba mabiyanka ba kawai, ka ga sakamako bayan kamar kwana ɗaya, sannan ka yanke ko za ka sake shi ga kowa. Gwajin nan ne dai suka miƙo maka a hannu.

Ɗan Maraɗi: Ban ƙirga ba, amma ni har gobe ina ganin akwai hannun mutum a ciki. Ba a kama su suna ɗaga bidiyon wanda suka ga dama ba?

Injiniya Bashir: An yi wannan. A watan Janairun 2023 mujallar Forbes ta ruwaito cewa ma'aikatan TikTok suna da hanyar ƙara wa wasu bidiyoyi wuta da hannu, kamfanin kuma ya amsa cewa yana ɗaga wasu. Wannan yana bayyana yadda wani ke tashi fiye da ƙima. Bai bayyana layin da ya faɗi a 0:02 ba.

Abdul Zango Kumasi: Salam 'yan uwa. Nawa daban ne. Barkwanci nake yi da Hausa. Lambobina suna da kyau a farko, wani ma rabin mutane suna kai ƙarshe har zuwa kallo 3,000. Daga nan sai in ga Average watch time yana sauka, sharhi ya koma ana tambayata da Turanci da Twi me nake cewa, sai ya tsaya. In na duba ƙasashe kusan duka Ghana ne, Najeriya da Nijar kaɗan.

Injiniya Bashir: Naka misali ne na mutuwa a mataki na biyu ko na uku. Kowane faɗaɗawa yana kai bidiyo ga mutanen da suka ɗan fi nisa da ainihin masu son sa, shi ya sa ko bidiyon da ya yi nasara lambobinsa suna raguwa yayin da yake girma. Na alkakin Maman Iman ma haka ya tsaya a 46,000, ba don ya lalace ba. Kai kuma zoben farko 'yan zango ne masu jin Hausa. Zobe na gaba, in aka bi ƙasa, maƙwabtanka ne da ba sa ji, kuma barkwanci ba ya tsallake harshe kamar yadda girki ko lalle ke yi. TikTok ta ce ƙasa da harshen waya suna cikin abin da take dubawa, ko da yake ba su da nauyi sosai. Abin da ke hannunka shi ne ka taimaka mata ta gane su wa kake nufi: bayanin ƙasan bidiyo da Hausa, rubutun kan allo da Hausa, kalmomin da ɗan Kano ko ɗan Damagaram zai rubuta in yana nema.

Abdul Zango Kumasi: Ina yin haka fa Yaya, wata biyu kenan. Wani abokina ya ce in riƙa sa fassarar Turanci a ƙasa don 'yan nan su tsaya. Wani kuma ya ce hakan zai ƙara ɗaure ni a Ghana ne, ba zan taɓa isa arewa ba.

Zee Kwalliya: Ni ina ganin ka sa fassarar. Wanda ya tsaya ya tsaya, ko daga ina yake.

Malam Nura: Ni kuma akasin haka nake gani. In waɗanda suka tsaya saboda fassara suka yi yawa, irinsu za a ci gaba da nemo masa.

Injiniya Bashir: Duka biyun suna da hujja, kuma ya danganta da wanda kake so ya zama jama'arka. Ka raba bidiyo goma masu zuwa, biyar da fassara, biyar babu, iri ɗaya a tsawo da lokacin ɗorawa. Kar ka dubi jimillar kallo kawai, ka dubi kason ƙasashe da inda layin ke faɗuwa bayan kwana uku.

Abdul Zango Kumasi: To zan fara daga na ranar Juma'a. In sun cika goma zan kawo hotunan allon nan zaure.

Hajiya Rabi Atamfa: To yanzu a dawo kan tambayata ta kuɗi, tun ɗazu nake jira.